Banki Ya Ce Kaza, Littafi Ya Ce Kaza: Yadda Akanta Ke Raba Gardama a Manhajar ERP

Duk kamfanin da ke da asusu a banki yana da lissafi biyu na kuɗi ɗaya. Akwai wanda ma'aikatansa ke rubutawa a leja, akwai kuma wanda banki ke rubutawa a sitetimen. Da wuya ka ga ranar da waɗannan biyun suka tashi a kan adadi ɗaya, ko da kuwa babu wanda ya ci ko sisin kwabo. Kamfani yana rubuta kuɗi ne a lokacin da ya bayar da cak ko aka ce masa an turo, banki kuwa ba ya rubutawa sai kuɗin ya motsa a hannunsa. Banki yana cire cajinsa ba tare da sallama ba. Mai saye yana turo kuɗi ta asusun ƙaninsa ya manta bai faɗa ba. Aikin da ake kira daidaita lissafin banki shi ne a jera rubutun nan biyu, a haɗa kowane layi na sitetimen da abokinsa na leja, sannan a zauna da abin da ya rage a gano dalilinsa.

Da can da biro da rula ake yi, ana buga alama a gefen takarda. Yanzu kamfanoni da yawa sun koma manhajar ERP, wato manhaja guda da ke riƙe da lissafin sito, ciniki, sayayya, albashi da asusun kuɗi a wuri ɗaya. Manyan kamfanoni sun fi amfani da SAP ko Oracle, matsakaita kuma za ka same su da Odoo, Sage, ERPNext ko Microsoft Dynamics. Masu tallata su kan yi alfahari da cewa manhajar na haɗa mafi yawan layuka da kanta. Gaskiya ne. Amma layukan da ta haɗa da kanta su ne masu sauƙin tun asali. Ƙwarewar akanta, da asarar mai dukiya idan an yi sakaci, duk suna cikin 'yan layukan da suka rage.

Shigar da sitetimen

Mataki na farko shi ne a kawo sitetimen cikin manhajar. Wasu suna sauke shi daga shafin banki a matsayin CSV ko Excel. Wasu bankunan suna bayar da shi a tsarin MT940, wanda ƙungiyar SWIFT ta fitar, ko sabon tsarin CAMT.053. A SAP ana shigar da fayil ɗin ta `FF_5`, sannan a duba abin da bai haɗu ba ta `FEBAN`. Ga yadda layi ɗaya yake a cikin MT940:

```
:61:2506110611C1500000,00NTRFNONREF
:86:INV 2047 SHINKAFA
```

Layin sama yana cewa ranar 11 ga Yuni 2025 naira 1,500,000 sun shigo. Harafin `C` shi ne alamar shiga, da `D` ne da fita ce. Layin ƙasa shi ne bayanin da mai turowa ya rubuta, kuma shi ne ya fi komai daraja a wurin akanta, don a nan ake samun lambar inbois. Akwai wani abu da ke rikita sababbin ma'aikata: abin da banki ya sa a ɓangaren kiredit, a lejar kamfani debit yake zama. Dalili shi ne banki yana kallon kuɗinka a matsayin bashin da kake binsa, kai kuma kana kallonsa a matsayin dukiyarka da ke ajiye. Kuɗi ɗaya ne, kowa ya rubuta daga inda yake tsaye.

Kafin a fara haɗa komai, akwai dubawa ɗaya da ba a tsallakewa. Adadin da sitetimen na yau ya buɗe da shi dole ya zama daidai da wanda na jiya ya rufe da shi. Idan sun saɓa, to ko an tsallake kwana ɗaya, ko an shigar da wani fayil sau biyu. Wannan na faruwa sosai ga masu sauke CSV da hannu: yau mutum ya sauke daga 1 zuwa 15 ga wata, jibi ya sauke daga 15 zuwa 30, sai layukan ranar 15 su shigo sau biyu. Wanda bai lura ba zai wuni yana neman abokan layukan da ba su da abokai, don na farkonsu sun riga sun ɗauke.

Yadda manhaja ke haɗa layi da layi

Manhajar ba ta san kwastoma ba, ba ta san waye ɗan wane ba. Ƙa'idoji take bi, waɗanda aka saita mata. Ta fara neman lambar inbois ko lambar cak a cikin bayanin layin. Idan ta samu, kuma adadin ya yi daidai, ta haɗa, magana ta ƙare. Idan ba ta samu ba, ta koma kan sunan mai turowa ko lambar asusunsa tare da adadi. Idan wannan ma ya gagara, sai ta koma kan adadi da kusancin kwanan wata kawai, a ce tazarar kwana uku.

Wannan mataki na ƙarshen shi ne mai haɗari, kuma a ganina bai kamata a bar manhaja ta yanke hukunci da shi ita kaɗai ba. Ka ɗauki dilan shinkafa da ke sayar da buhu a farashi ɗaya. A mako guda mutum shida za su iya sayen buhu goma-goma, kowannensu inbois ɗinsa ya tashi a adadi ɗaya. Huɗu sun biya, biyu ba su biya ba. Idan manhaja ta dogara da adadi kawai, tana iya ɗaukar kuɗin wanda ya biya ta share bashin wanda bai biya ba. Lissafin banki zai fito tsaf, bambanci sifili, kowa ya yi murna. Sai bayan wata guda a aika wa mutumin kirki takardar tunin bashi, ya taso da rasit a hannu ransa a ɓace, shi kuwa mai bashin gaske yana can ba wanda ya neme shi. Don haka gara a saita ta yadda idan shaidar ba ta wuce adadi ba, manhajar ta kawo shawara kawai, mutum ya duba ya amince.

Ba kullum ne layi ɗaya ke haɗuwa da layi ɗaya ba. Wani zai turo kuɗin inbois uku a dunƙule. Wani kuma inbois ɗaya ne, amma iyakar abin da bankinsa ke bari ya tura a rana ta sa ya raba shi kashi uku. Cinikin POS kuwa a wasu tsare-tsaren a dunƙule yake faɗowa washegari, bayan an zare kamasho, don haka ba zai taɓa yin daidai da jimillar rasit ɗin kashiya ba sai an ƙara kamashon. Manhajoji masu kyau duk suna bari a haɗa ɗaya da yawa ko yawa da ɗaya, amma yawanci sai hannun mutum ya shiga.

Akwai kuma wata dabara da ke sauƙaƙa aikin. Maimakon a rubuta kuɗin da kashiya ta karɓa kai tsaye a babban asusun banki na leja, sai a fara ajiye shi a asusun wucewa. A Odoo sunayensu `Outstanding Receipts` na kuɗin da ake jiran shigowarsa, da `Outstanding Payments` na wanda ake jiran fitarsa. Ranar da layin ya bayyana a sitetimen aka haɗa, sai kuɗin ya tashi daga can ya koma babban asusu. Amfanin wannan shi ne duk abin da ya kwana a asusun wucewa, ba sai an tambaya ba, abu ne da kamfani ya rubuta amma banki bai tabbatar ba.

Wata guda a wani kamfanin shinkafa

Bari mu ƙaddara wani kamfani a Kano mai rarraba shinkafa ga 'yan kasuwa da makarantu. Misali ne, amma kowane abu a cikinsa yana faruwa kullum. Ranar 30 ga Yuni, lejar kamfanin, idan an haɗa babban asusu da na wucewa, ta ce akwai naira 18,420,000 a banki. Sitetimen ya ce naira 19,003,500. Banki ya fi littafi da naira 583,500.

Mai kamfani ya leƙo ofis ya ga adadin, ya ce, "To Malam, tunda na banki ne ya fi yawa ai ba matsala. Da ƙasa ya yi ne sai mu damu."

Akanta ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar tukuna. Ban san abin da ke cikinsa ba."

Akantan ne da gaskiya. Bayan manhaja ta gama haɗa abin da za ta iya, ya bi sauran da hannu, sai abubuwa bakwai suka rage. Tambayar da yake yi wa kowanne ɗaya ce: a ina kake, a ina ba ka? Amsar ita ke nuna abin da za a yi.

Biyu daga ciki suna leja, ba sa sitetimen, kuma lokaci ne kawai ya raba su. Ranar 25 ga wata kamfanin ya ba mai motocin da ke yi masa dako cak na naira 1,250,000, shi kuwa bai kai banki ba tukuna. Ranar 30 kuma an kai cak ɗin wani kwastoma na naira 860,000 wanda na wani banki ne, ba zai faɗo ba sai ranar aiki ta gaba. Waɗannan ba a taɓa su a leja. Littafin kamfani daidai yake, banki ne bai iso ba. Abin da ake yi shi ne a lissafa su a takardar daidaitawa, a kuma sa ido a ga sun bayyana a farkon Yuli. Mai kamfani dai ya sani cewa naira 1,250,000 ɗin nan da yake gani a banki ba nasa ba ne, mai shi yana tafe.

Na uku shi ne cajin banki, yana sitetimen ba ya leja. Ba layi ɗaya ba ne, ɗaruruwan ƙananan layuka ne. Duk turawar da ta haura naira 50,000 ana cire naira 50, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kanta, ya zama naira 53.75. Akwai harajin naira 50 a kan turawar da ta kai naira 10,000. Akwai kuɗin kula da asusu, wanda ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta 2020 ta ce kada ya wuce naira 1 a kowace naira 1,000 da mai asusu ya fitar. Akwai na saƙon alat. Duka suka tashi naira 64,500. Nan babu gardama, a rubuta su a leja a matsayin kuɗin da aka kashe. A nan ne ma ERP ta fi nuna amfaninta: a saita mata ƙa'ida cewa duk layin da bayaninsa ke ɗauke da kalmar caji irin ta bankin, kuma bai wuce wani adadi ba, ta kai shi asusun cajin banki da kanta. Sai dai akanta mai lura ba ya barin abin haka nan. Tunda ya san jimillar abin da kamfani ya fitar a wata, yana iya lissafa iyakar kuɗin kula da asusu a minti ɗaya ya gwada da abin da aka cire. Bankuna ma suna kuskure, kuma ba kasafai suke zuwa su faɗa da kansu ba.

Na huɗu yana ɓangarorin biyu, amma adadi ya saɓa. An biya mai kawo buhuna naira 452,000, yaron da ya shigar ya rubuta 425,000. Bambancin naira 27,000 ne. Akantoci suna da wata tsohuwar dabara a nan: idan bambanci ya rabu da 9 ba saura, to a fara zargin an juya lambobi biyu. 27,000 a raba da 9 ya ba da 3,000 cif. Akwai 'yar'uwarta: idan ka raba bambancin biyu ka ga rabin ya yi daidai da wani layi, to an rubuta shiga a wurin fita ne, ko fita a wurin shiga. Gyaran wannan ba gogewa ake yi ba. A ERP mai tsari, abin da aka riga aka tabbatar ba ya goguwa. Ana soke shi ne da wata shigarwar da ke warware shi, sannan a rubuta na daidai, don mai binciken da zai zo daga baya ya ga abin da ya faru da wanda ya yi.

Na biyar ma adadi ne ya saɓa, amma ba kuskure ba ne. Wata makaranta ta karɓi shinkafar naira 5,000,000, ta kira ta ce ta biya, kashiya ta rubuta 5,000,000. Abin da ya faɗo banki 4,900,000 ne. Ragin naira 100,000 kashi 2 cikin ɗari ne daidai, wato harajin da mai saye ke riƙewa ya miƙa wa hukumar haraji da sunan mai sayarwa. Da yawa a nan suke tafka asara. Wasu su bar naira 100,000 ɗin a matsayin bashi a kan makarantar, a yi ta jayayya. Wasu su share shi kamar rangwame. Duka biyun ba daidai ba ne. Kuɗin kamfani ne da aka riga aka biya wa gwamnati a madadinsa. Ana buɗe masa asusunsa a leja, a bi makarantar ta kawo shaidar cewa ta miƙa shi, don a cire shi daga harajin da kamfani zai biya. Idan ba a karɓi shaidar ba, an biya haraji sau biyu ke nan.

A nan ya dace a yi maganar sassaucin da ake saita wa manhaja, wato a ce mata idan bambanci bai wuce kaza ba ta haɗa, ta kai ragowar wani asusu. Yana da amfani ga 'yan kwabbai da cajin turawa. Amma na ga inda aka sa shi da kaso, aka ce duk abin da bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba ya wuce. A irin wannan saiti, naira 100,000 ɗin makarantar nan da ta shige ba wanda ya ji ƙararta. Sassauci da naira ake sa shi, kuma ƙarami.

Biyun da suka fi wuya

Na shida ya yi kama da cak ɗin ranar 30: yana leja, ba ya sitetimen. Naira 315,000 ne da aka rubuta an karɓa ta taransifa. Abin da ya tona shi kwanan wata ne, 11 ga Yuni. Turawa tsakanin bankunan Nijeriya ta tsarin NIP, wanda NIBSS ke gudanarwa tun 2011, nan take take faɗowa. Ko sabis ya yi tsiya, ba ta yin kwana goma sha tara a hanya. Da aka bincika, sai aka ga wani ne ya nuna wa mai sito hoton rasit a waya, aka loda masa kaya, kashiya ta rubuta. Ko dai rasit ɗin na bogi ne, ko kuwa an cire masa kuɗin sannan bankinsa ya mayar masa, shi kuma ya yi gum. Hanyar ganewa ɗaya ce. Kowace turawar NIP tana da lambar shaida mai lamba 30, wadda ake gani a rasit da sunan `Session ID`. A karɓe ta a kai wa banki ya duba. Kafin amsa ta zo, a warware shigarwar a leja, bashin ya koma kan mai shi. Ba a barin kuɗin da ba a gani ba ya zauna a littafi kamar yana nan.

Darasin wannan layin ya shafi duk sauran: shekarun layi sun fi girmansa muhimmanci. Cak na miliyan ɗaya da ya kwana biyar a hanya ba abin damuwa ba ne. Taransifa ta dubu talatin da ta kwana bakwai abin damuwa ce. Shi ma cak yana da iyaka, idan ya wuce wata shida banki ba zai biya shi ba. A lokacin sai a warware shi a leja, kuɗin ya dawo asusun banki, bashin mai dako kuma ya dawo kan kamfani, don lalacewar takarda ba ta kashe haƙƙin mutum.

Na bakwai shi ne naira 700,000 da suka shigo ranar 19 ga wata. Bayanin layin ba lambar inbois, sunan wani mai POS ne kawai da ba wanda ya sani a kamfanin. Wannan ruwan dare ne a kasuwanninmu. Ɗan kasuwa ya tara cinikinsa tsaba, ya miƙa wa mai POS na bakin layi ya ce a tura wa kamfani, ya ɗauka magana ta ƙare. Kuɗin ya shigo da gaske, dole a rubuta shi, amma ba a san asusun wa za a sa ba. Sai a kai shi asusun jira, wanda a Odoo ake gani da sunan `Bank Suspense Account`, kafin a gano mai shi.

Ga inda jarabawar take. Akwai ramin naira 315,000 a gefe, ga kuma naira 700,000 marasa mai. Manhaja ba za ta hana ka ɗebi wannan ka cike wancan ba. Ma'aikacin da ya loda kaya a kan rasit na bogi, yana tsoron faɗan maigida, zai so a yi haka. Wanda ya karɓi kuɗin kwastoma ya sa aljihu ma haka zai so, kuma da wannan hanyar ake daɗewa ana ɓarna: kuɗin na biyu ya rufe na farko, na uku ya rufe na biyu, littafi kullum yana nuna daidai. Shi ya sa wanda ke karɓar kuɗi ko yake biya bai kamata ya zama shi ke daidaita lissafin banki ba, kuma ERP tana ba da damar raba wannan izini, kowa da iyakar abin da zai iya taɓawa. Ƙaramin kamfanin da ba shi da ma'aikata da yawa, to mai shi ya riƙa karɓar sitetimen kai tsaye daga banki, ba ta hannun kowa ba.

Neman mai naira 700,000 ba sihiri ba ne. A duba jerin masu bashi a ga wa ake bin wannan adadin ko kusa da shi. A tambayi masu fita talla wa ya ce musu ya biya a makon. A nemi banki ya ba da cikakken bayanin asusun da kuɗin ya fito. Yawanci kira biyu ko uku ke warware shi. Idan kuma wani ya bugo ya ce kuskure ya yi, a mayar masa ta wani asusu daban, to a dakata. 'Yan damfara sun san wannan ƙofar. A ce masa ya bi ta bankinsa, kuma in za a mayar, ta asusun da kuɗin ya fito za a mayar. Har zuwa ranar da za a gano mai shi, amana ce a hannun kamfani, ba riba ba.

Matsalar asusun jira ita ce yana da daɗin zuba kaya, kamar ɗakin shirgi na bayan gida: duk abin da aka rasa inda za a ajiye sai a tura can a ja ƙofa. Da zarar an kai layi can, manhaja za ta nuna an gama, alamar ta koma koriya. Amma ba a warware komai ba, wuri kawai aka sauya wa tambayar. Kuma jimillarsa tana yaudara, don shiga da fita suna cinye juna. Asusun jiran da ke nuna naira 20,000 zai iya ƙunsar shigar miliyan biyar da ba a san mai ita ba da fitar kusan miliyan biyar da ba a san inda ta tafi ba. Odita na gari ba ya kallon jimillar, buɗewa yake yi ya karanta layi-layi.

Inda lissafin ya tsaya

Da la'asar akanta ya kawo takarda. Daga ɓangaren leja ya fara da 18,420,000, ya cire cajin banki 64,500, ya cire 27,000 na lambobin da aka juya, ya cire 100,000 na haraji, ya cire 315,000 da ba su taɓa shigowa ba, ya ƙara 700,000 na asusun jira. Ya tashi a 18,613,500. Daga ɓangaren banki ya fara da 19,003,500, ya cire cak ɗin mai dako 1,250,000, ya ƙara cak ɗin da ke hanya 860,000. Shi ma ya tashi a 18,613,500.

Wannan shi ne adadin gaskiya, kuma ba leja ce ta faɗe shi tun farko ba, ba kuma sitetimen ba. Bambancin naira 583,500 da aka ce ba matsala, da aka buɗe shi, abubuwa ne na naira 3,316,500 da suka danne juna. A cikinsu akwai kayan naira 315,000 da suka fita ba kuɗi, da naira 700,000 da ba a san ko na wane ne ba.

Yawancin wannan wahalar ana iya rage ta tun daga tushe. A buga lambar inbois ɓaro-ɓaro, a roƙi kwastoma ya sa ta a bayanin turawa. Inda banki ke bayar da lambar asusu ta musamman ga kowane kwastoma, wadda kuɗinta ke zubowa babban asusu, a karɓa, don ko ta hannun mai POS aka turo za a san na wane ne. Kada kaya su bar sito a kan hoton waya, sai an ga kuɗin a asusu. Sannan a daina jiran ƙarshen wata. Mai shigar da sitetimen kullum da safe layi goma zai bi, kuma kowa yana tuna abin da ya faru jiya. Da haka aka yi a kamfanin nan, da ranar 12 ga Yuni aka gano rasit ɗin nan, mai yiwuwa kafin a sayar da shinkafar.

Kai kuma mai dukiya, ba sai ka iya SAP ko Odoo ba. Idan akanta ya ce maka an daidaita, kada ka tsaya a kan sifilin da ke ƙasan takarda. Ka ce ya kawo maka jerin layukan da ba su haɗu ba da duk abin da ke cikin asusun jira, kowanne da adadinsa, da kwanakin da ya yi, da sunan wanda ke bin sa. Duk wanda ya haura kwana talatin, a yi maka bayaninsa baki da baki kafin ka sa hannu.